Yadda ake daidaita yashi da kaifin hoto idan an ɗauko fuska daga wata kyamara

A ce an ɗauki hoton mutum goma sha biyu a cikin zaure da babbar kyamara. Kowa ya fito da kyau, sai mutum ɗaya da ya rufe ido. A daidai wannan lokaci wani ya ɗauka da waya daga kusa, a nasa kuwa idon mutumin a buɗe yake. Aikin da ke gabanka shi ne ka ɗauko fuskar daga hoton waya ka ɗora a kan na kyamara, da sanin mai fuskar da yardarsa. Wannan sharaɗin ba na wasa ba ne: fuskar mutum tasa ce, ba a ɗora ta inda bai amince ba.

Yawancin masu gyaran hoto suna ƙarar da ƙarfinsu a kan launi da haske. Su daidaita su tsaf, amma duk da haka fuskar ta fito kamar faci a jikin riga, launi ɗaya amma saƙar yadin daban. Abin da ido ya hango shi ne fatar hoton kanta. Kowace kyamara tana barin ɗige-ɗige masu kama da yashi a ko'ina cikin hoto, kuma kowace tana da iyakar kaifinta. Idan fuskoki goma sha ɗaya suna da yashi da ɗan taushi, ɗaya kuma ta fito sumul da kaifi, ko wanda bai taɓa buɗe manhajar gyaran hoto ba zai ji a jikinsa cewa an taɓa wurin.

Ƙa'idar da zan bi a nan ɗaya ce: babban hoton shi ne ma'auni, kuma auna shi ake yi, ba kintata ba. Fuskar da aka kawo ita za ta sauko ta bi shi. Zan yi bayani da Photoshop, kuma alƙaluman da zan kawo na wannan misalin ne, naka hoton zai ba ka nasa.

Ga abin da muke da shi. Babban hoto fiksel 6000 ne a faɗi, 4000 a tsaye, an ɗauke shi a ISO 3200 ƙarƙashin fitilu masu ɗan ruwan ɗorawa. Hoton waya 4032 da 3024 ne.

Fara da girman fuska, ba girman hoto ba

Kar megafiksel ya ruɗe ka. Kyamara tana da 24, waya tana da 12, amma wannan bai gaya maka komai ba. Abin tambaya shi ne fiksel nawa fuskar ta samu a kowanne. Ɗauki `Ruler Tool` ka auna daga gefen ido na waje zuwa gefen ɗaya idon na waje. Wannan wurin yana aunuwa ko ido a rufe yake. A misalinmu babban hoto ya ba da 120, na waya ya ba da 200, domin mai wayar ya fi kusa. Raba 120 da 200, ka samu 0.6. Ke nan za a rage fuskar waya zuwa kashi 60 cikin ɗari.

Wannan sa'a ce. Ragewa ba ta ɓata komai da ake bukata. Da akasin haka ne, wato sai an ƙara girman fuskar, da aikin ya ɗauki wata hanya, kuma zan zo kanta a gaba.

Kafin ka rage, shiga `Preferences > General` ka duba `Image Interpolation`. Idan yana kan `Bicubic Automatic`, manhajar za ta ƙara wa fuskar kaifi da kanta yayin ragewa, mu kuwa kaifin ne ya yi mana yawa. Mayar da shi `Bicubic` zalla. Sannan ka mai da fuskar `Smart Object`, ka danna `Ctrl+T`, ka rubuta 60% ka juya ta har ido da hanci da haɓa su hau kan na ƙasa. Rage `Opacity` zuwa rabi don ka ga duka biyun a lokaci guda. Amfanin `Smart Object` shi ne ko sau goma ka gyara girman, daga asalin fuskar ake lissafi, ba daga wadda aka riga aka matse ba.

Wanke abin da waya ta shafa wa fuskar

Hoton waya ba ya zuwa yadda sensa, wato ɓangaren kyamara da ke karɓar haske, ta gan shi. A wuri mai ƙarancin haske waya takan haɗa hotuna da yawa su zama ɗaya, ta goge yashi da ƙarfi, sannan ta ƙara kaifi a gefuna don kada hoton ya yi laushi. Sakamakon sai ka ga kumatu sumul kamar an shafe, amma gira da gefen leɓe da ƙwayar ido suna da kaifi fiye da kima. Zuƙo zuwa 300% ka dubi inda gashi baƙi ya haɗu da goshi, ko inda wuya ya haɗu da farar riga. Za ka ga wani siririn layi mai haske yana bin gefen mai duhu. Wannan layin ba ya jikin mutum, waya ce ta zana shi.

Idan ka bar shi, dusashewar da za mu yi nan gaba za ta baza shi ne kawai, ba za ta kawar da shi ba. Shiga cikin `Smart Object` ɗin ka buɗe sabuwar leya a kan fuskar, sa ta a `Darken`, ɗauki `Clone Stamp` ƙarami, ka sa `Sample` ɗinsa a `Current & Below`, ka ɗebo fata daga gefen layin ka bi shi a hankali. Da yake leyar a `Darken` take, abin da ya fi fatar haske kaɗai za ta taɓa.

Abu na biyu shi ne tabon JPEG. Wannan tsari yana yanka hoto gida-gida, kowane gida fiksel 8 da 8, kuma idan an matse da yawa gidajen sukan bayyana a wurare masu santsi. Babban hoto ma, in JPEG ne, yana da nasa gidajen, amma a miƙe suke. Na fuskar da ka rage zuwa kashi 60 sun koma kusan fiksel 5, kuma sun karkace saboda juyawar da ka yi. Idan kana ganinsu, shiga `Filter > Noise > Reduce Noise` a kan asalin fuskar, cikin `Smart Object` ɗin, ka kunna `Remove JPEG Artifact`, ka sauke `Sharpen Details` zuwa sifili. Yi da sauƙin hannu. Ramukan fata da ƙananan gashi su ne kaɗan ɗin da ya rage na gaskiya a fuskar, kada ka share su.

Bayan wannan sai ka daidaita launi da haske da `Curves`, ka gama da su gaba ɗaya. Dalilin yin su yanzu shi ne duk lanƙwasar da ka yi wa `Curves` bayan ka zuba yashi za ta ƙara masa ƙarfi ko ta rage, lissafinka ya rushe.

Kaifi: ƙirga fiksel ɗin gefe

Kaifi yana ƙirguwa. Nemi gefe mai tsabta a babban hoto, wanda yake nisa ɗaya da fuskar daga kyamara: bakin kwalar rigar mutumin, ko gefen kunnensa, ko idon wanda ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi. Kar ka auna da na layin gaba idan shi a layin baya yake, domin ba lalle kaifinsu ya zo ɗaya ba. Zuƙo zuwa 800%, inda kowane fiksel ke fitowa kamar ɗan akwati, ka ƙirga akwati nawa ake bi kafin duhu ya koma haske. A misalinmu uku ne. Yi haka a fuskar waya, a gefen fatar ido ko leɓe: biyu, wani wurin ma bai kai ba.

Sa `Gaussian Blur` a kan `Smart Object` ɗin. Fara da `Radius` 0.5, ka riƙa ƙara 0.1 kana sake ƙirgawa. Daga biyu zuwa uku, za ka tsaya a wajen 0.8 ko 0.9. Hannu zai so ya tsaya tun a 0.4, don ganin kyakkyawar fuska tana laushi ba daɗi. Ka daure. Yashin da za ka zuba zai dawo mata da kamannin kaifi, domin ido yana ɗaukar ƙananan ɗige a matsayin bayani.

Duba kuma ko taushin babban hoton na motsi ne. A zaure mai duhu mai ɗauka yakan bar ƙofar kyamara a buɗe na ɗan lokaci mai tsawo, hannu ya ɗan girgiza. Alamarsa tana cikin ɗigon hasken da ke ƙwayar idon mutane: idan zagaye yake, ba motsi. Idan ya ja ya zama ɗan gajeren layi, kuma duk idanun sun ja gefe guda, motsin hannu ne. A nan `Motion Blur` za ka sa, `Angle` ya bi inda layin ya karkata, `Distance` fiksel biyu ko uku gwargwadon tsawonsa.

Daga ina yashin yake zuwa

Kafin ka ƙirƙiri yashi, ka san halinsa, in ba haka ba za ka yi wanda bai yi kama da na kyamara ba. Haske yana isa ga sensa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma adadin da ke faɗa wa kowane fiksel ba ya zuwa daidai. Inda fiksel ya samu ƙwaya 10,000, bambancin da ake samu wajen 100 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari. Inda ya samu 100 kacal, bambancin wajen 10 ne, kashi goma cikin ɗari. Shi ya sa yashi ya fi damun inuwa, ƙarƙashin haɓa da gefen hanci da ramin ido, ya yi sauƙi a goshi mai sheƙi.

Hali na biyu na launi ne. A yawancin sensa rabin fiksel kore suke gani, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Ƙarƙashin fitila mai ruwan ɗorawa shuɗin haske kaɗan ne, sai kyamara ta ɗaga shi da ƙarfi don fari ya fito fari, ta ɗaga yashinsa tare da shi. Buɗe `Channels` ka danna `Ctrl+3`, `Ctrl+4`, `Ctrl+5` ɗaya bayan ɗaya. A irin hotonmu kore zai fi tsabta, shuɗi ya fi ƙazanta, kuma ɗigensa manya-manya ne. Dubi fuskar waya a cikin shuɗin: za ta fito fes a tsakiyar ƙura. Nan ne asirin haɗi yake fara tonuwa.

Hali na uku girma ne. Yashin kyamara ba fiksel ɗaiɗai ba ne masu zaman kansu. Kafin hoto ya fito, ana lissafa launin kowane fiksel daga maƙwabtansa, sai ɗigen su ɗan manne da juna. Wanda `Add Noise` ke bayarwa kuwa fiksel ɗaya ne tak, mai tsini, dole a tausasa shi.

Auna shi

Haɗa duk abin da ke bayyane a leya guda da `Ctrl+Alt+Shift+E`, ka sa mata `Filter > Other > High Pass` da `Radius` 3. Haske da inuwa za su tafi, a bar toka-toka da ƙananan abubuwa kawai. Wannan leyar ta awo ce, za ka goge ta daga baya. Buɗe `Histogram`, zaɓi `Expanded View`, ka lura da adadin da ke gaban `Std Dev`. Shi ne ƙarfin yashi.

Zaɓi ɗan murabba'i, kamar fiksel 40 da 40, a fata mai santsi ta babban hoto. Wuyan mutumin ya fi, ko kumatun maƙwabcinsa idan haskensu ya zo kusa. Kauce wa gashi da ƙyallen riga da duk wani gefe, za su kumbura adadin. Idan ƙaramin alwatika ya fito a kusurwar `Histogram`, danna shi don ya sake lissafi da ainihin fiksel. Rubuta adadin kowane launi. Sannan ka ja murabba'in zuwa kumatun sabuwar fuska ka rubuta nata.

A misalinmu babban hoto ya ba da 4 a kore, 5 a ja, 7 a shuɗi. Fuskar waya, bayan ragewa da dusashewa, ta ba da 1.5 a kusan duka ukun. Auna sau biyu kuma: ɗaya a inuwa, ɗaya a wuri mai haske, domin za ka bukace su.

Akwai wani lissafi da ke hana zuba yashi fiye da kima. Yashi biyu da ba su da alaƙa ba sa haɗuwa kamar ɗaya da ɗaya biyu. Ga yadda ake gano abin da ya rage a ƙara:

```
ƙari = √(manufa² − na_yanzu²)
√(5² − 1.5²) = 4.8
√(5² − 3²)   = 4
```

Layin ƙarshe ya fi bukatar lura. Idan fuskar da ka kawo daga wata kyamara ce mai yashinta 3, kana neman 5, ba 2 za ka ƙara ba, 4 ne. Wanda ya ƙara 2 zai tsaya a 3.6, fuskar ta ci gaba da zama sumul, ya rasa dalili.

Zuba yashin

Buɗe sabuwar leya a saman fuskar, cika ta da `Edit > Fill > 50% Gray`. Galibi za ka ji an ce a sa ta a `Overlay`. Ni ban yarda da wannan ba idan hoton kyamarar zamani ne. `Overlay` yana da ƙarfi a tsaka-tsakin haske, yana raguwa yayin da wuri ke ƙara duhu har ya ɓace a baƙi. Wato yana hana yashi a daidai inda kyamara ta fi zuba shi. Sai ka ga kumatu sun yi daidai, ƙarƙashin haɓa kuwa ya zauna sumul kusa da wuya mai yashi. Sa ta a `Linear Light`, wanda ke ƙara yashin daidai wa daida a ko'ina, daga baya mu rage shi a inda ya kamata.

Leya ta farko ta yashi marar launi ce. `Filter > Noise > Add Noise`, zaɓi `Gaussian`, kunna `Monochromatic`, `Amount` wajen 4%. Bi shi da `Gaussian Blur` na 0.5. Yanzu zuƙo zuwa 400% a inda sabuwar fuska ta haɗu da tsohon wuya, ka kwatanta girman ɗige, ka manta da ƙarfinsu tukuna. Idan naka sun fi ƙanana da tsini, ƙara dusashewar zuwa 0.6 ko 0.7. Girma ake fara daidaitawa, saboda duk lokacin da ka tausasa yashi ƙarfinsa yana faɗuwa sosai. Idan girman ya zauna, sai ka riƙa jan `Fill` na leyar sama ko ƙasa, kana sake yin leyar awo, har kore ya kai 4. 

Leya ta biyu ta launi ce. Wata toka-tokar, ita ma a `Linear Light`. Kana kanta, shiga `Channels` ka danna `Blue` shi kaɗai, ka sa `Add Noise` mai ƙarfi. Danna `Red`, ka sa wanda ya ɗan haura rabin wancan. Koma `RGB`, ka dusashe leyar da `Radius` tsakanin 1.5 da 2.5, domin yashin launi dunƙule-dunƙule yake, musamman idan babban hoton JPEG ne, wanda yakan adana launi a rabin yawan fiksel ɗin haske ta kowane gefe. Ja `Fill` har shuɗi ya kai 7, ja ya kai 5. Idan mai kyamarar ya riga ya goge yashin launi lokacin da yake wanke hotonsa, adadin ukun za su zo kusa da juna, sai ka tsallake wannan leyar ɗungurungum.

Saura rabon inuwa da haske. A ce awon da ka yi ya nuna 5 a ƙarƙashin haɓa, 2.5 a goshi. Danna leyar yashi sau biyu, `Layer Style` ya buɗe. A ƙasa akwai `Blend If`. A layin `Underlying Layer`, riƙe `Alt` ka ja rabin farin alwatikan zuwa hagu, ya rabu biyu. Bar ɗaya a 255, kai ɗayan wajen 110. Yashin zai riƙa raguwa sannu a hankali daga tsaka-tsaki zuwa haske. Sake auna goshi. Kar ka ɗauka dole inuwa ta fi kowa: wasu kyamarorin suna goge yashin inuwa da ƙarfi, wani mai gyaran kuma ya danne baƙi har ya cinye shi. Abin da awo ya nuna shi za ka bi.

Idan babban hoton tsohon fim ne da aka yi wa sikanin, labarin ya canza. Ƙwayar fim ta fi girma, kuma galibi a tsaka-tsakin haske ta fi fitowa. A nan `Overlay` ya dace, ko ka sa `Camera Raw Filter` a kan toka-tokar ka yi aiki da `Grain`, `Size` da `Roughness`.

Bakin haɗi, inda ake yawan faɗuwa

Ka yi komai daidai, adadi sun zo ɗaya, amma a leyar awo sai ka ga wani zobe mai santsi ya kewaye fuskar. Ga musabbabinsa. Marufin da ka yanke fuskar da shi, wato `Layer Mask`, yana da baki mai laushi. A tsakiyar bakin, rabin tsohon hoto ake gani da rabin sabo. Idan ka ɗaure leyar yashi a jikin fuskar da `Clipping Mask`, to a wurin rabin tsohon yashi ne ya haɗu da rabin sabo, kuma bisa lissafin da muka yi a sama, rabi da rabi ba sa ba da ɗaya, 0.71 suke bayarwa. Kusan kashi 30 cikin ɗari na yashin ya ɓace a zoben. Gwargwadon faɗin laushin bakin, gwargwadon fitowar zoben.

Maganin biyu ne, kuma ana haɗa su. Na farko, kar ka bar baki mai faɗi don ɓoye bambancin launi. Gyara launin, ka bar laushin bakin a fiksel 4 zuwa 8 ga fuska mai wannan girman, ka bi da shi ta layin gashi da lanƙwasar haɓa da inuwar kunne. Na biyu, kada ka ɗaure leyoyin yashi. Zuba su a `Group` guda, sa shi a `Pass Through`, ka kwafa masa marufin fuskar ta hanyar riƙe `Alt` ka ja. Danna wannan sabon marufin, `Ctrl+M`, ka ɗaga tsakiyarsa: `Input` 128, `Output` wajen 220. Inda fuskar ta rufe rabi, rabin tsohon yashi ne ya rage, kuma abin da zai cike shi zuwa ɗaya shi ne 0.87 na sabo, wanda ya yi daidai da 220 cikin 255. Idan zuba leyoyin a `Group` ya canza kamanninsu, duba cewa `Pass Through` ɗin yana nan.

Wata hanyar, idan babban hoton yana da bango mai santsi da ya dusashe, kuma haskensa ya kusa na fatar: ari yashinsa na ainihi. Kwafi yanki da ya fi fuskar girma, sa masa `High Pass` na 4, ɗora shi a kan fuskar a `Linear Light` da `Fill` 50%. Girma da launi duk za su zo daidai, tunda sensa ɗaya ce ta yi su. Sharaɗin shi ne kada ka ƙara masa girma, kada ka juya shi a karkace, kada kuma ka jera ƙaramin yanki sau da yawa, domin ido yana saurin kama maimaici. A hoton taro samun irin wannan fili da wuya, shi ya sa ban sa ta a gaba ba.

Idan fuskar da aka kawo ita ce mai rauni

Sau da yawa hoton wayar ta manhajar hira ake turo shi, an rage shi an matse. Kafin komai, nemi a turo asalin a matsayin fayil, kamar ta `Document` a WhatsApp. Idan asalin ma fuskar fiksel 80 ce a inda ake bukatar 120, sai ka ƙara ta da rabi, kuma ƙarin ba ya haifar da abin da babu. Gefenta zai kai fiksel huɗu ko biyar a inda na maƙwabta uku ne, yashinta kuma ya kumbura ya zama dunƙule. Goge wannan yashin tun kafin ka ƙara girma, sannan ka zuba sabo mai girman na babban hoto. Sabon yashin yana rufa asiri sosai, amma yana da iyaka.

Abin da ya fi a nan shi ne ka rage abin da kake ɗaukowa. Ido ne a rufe, to ɗauko ido da gira kawai, ka bar hanci da baki da fatar asali. Idan ƙarin da ake bukata ya kai ninki biyu, ni shawarata ka rage babban hoton gaba ɗaya ya sauko inda fuskar take, ka gaya wa mai aikin cewa ba zai yi babban bugu ba. Hoto mai faɗin fiksel 3000 da ya haɗu ya fi na 6000 da fuska ɗaya ta narke a ciki.

Gwaji kafin fitarwa

Yi hukunci a 100% ko 200%. A 66.7% ko 33.3% manhajar tana sake lissafa hoton don nuna maka, sai yashi ya yi laushi ko ya canza kama. Sake yin leyar `High Pass`, ka ɗora mata `Levels`, ka matso baƙin alwatika zuwa 100, farin zuwa 156. Duk hoton zai zama yashi zalla mai ƙarfi. Ja kujera baya ka duba. Idan wurin fuskar ya fi santsi, yashi bai isa ba. Idan ya fi ƙaiƙayi da tsini, ɗigen sun yi ƙanana. Idan zobe ya fito, koma ga marufi. Sannan bi ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, ka daɗe a kan shuɗin.

Wasu suna rufe aikin da zuba yashi a kan hoton duka. Ɗan kaɗan ba laifi, kamar 1%, amma ba ya gyara bambanci babba. Wurin da ke da 5 da wurin da ke da 1.5, in ka ƙara musu 3, sun koma 5.8 da 3.4, kuma ka ƙazantar da fuskoki goma sha ɗaya saboda ɗaya.

Ajiye fayil mai leyoyi a PSD. Daga shi za ka fitar da JPEG sau ɗaya, a girman da za a yi amfani da shi, ta yadda gidajen 8 da 8 za su hau kan hoton duka a jere guda. Idan za a rage shi don waya, rage bayan ka haɗe leyoyin, ba kafin ba, sannan ka buɗe fayil ɗin da ya fita ka sake duba shuɗin. Matsewa mai ƙarfi takan cinye ƙananan ɗige ta bar manya, kuma idan yashin da ka zuba ya fi na kyamara ƙanƙanta ko da kaɗan ne, nan zai ɓace ya bar fuskar sumul. In haka ta faru, koma ga leya ta farko, ƙara dusashewarta da 0.1, ɗaga `Fill` har adadin ya dawo, ka sake fitarwa.